Takardar da Za Ta Yi Maka Shaida Kafin A Gan Ka

'Ya'yana masu burin karanta aikin jarida ko rubutun adabi a waje, ku matso mu yi magana kan takardar nan da ake cewa ku rubuta, ku gabatar da kanku. A gida ba mu saba da ita ba, domin JAMB maki take duba, ba ta neman labarinka. Amma wanda ya nufi jami'o'in Birtaniya ta hanyar UCAS, sai ya rubuta ta. Gurbin da aka ba shi haruffa 4,000 ne, har da sararin da ke tsakanin kalmomi, wato wajen kalmomi 600 na Turanci. Tun daga masu shiga a 2026 an raba gurbin zuwa tambayoyi uku: me ya sa kake son wannan fanni, yaya karatunka ya shirya ka, kuma me ka yi a wajen aji da ya ƙara maka shiri. Takarda ɗaya ce take zuwa duk wuraren da ka nema, waɗanda za su iya kai biyar, don haka kada ka ambaci sunan wata jami'a a ciki.

Mai neman likitanci idan jimlarsa ta ɗan yi tuntuɓe, mai dubawa zai iya kawar da kai, tunda ba alƙalami zai riƙe a asibiti ba. Kai kuwa da ka ce rubutu za ka koya, takardar ita ce samfurin hajarka. Malamin yana duba abin da ka faɗa, yana kuma duba yadda ka faɗe shi, kuma sau da yawa na biyun ya fi nauyi. Idan ka ce kana da idon lura, amma babu abu ɗaya da aka lura da shi a cikin shafin, takardarka ce da kanta ta ƙaryata ka.

Kwanakin baya wata 'yar ƙanwata ta kawo mini tata. Ta buɗe da cewa tun tana ƙarama take ƙaunar rubutu, kuma burinta ta zama muryar marasa murya. Turancinta babu aibu, sai dai na kai ƙarshen sakin layi na biyu ban san ko wace ce ba. Duk yarinyar da ke Legas ko Landan za ta iya sa hannu a ƙasan wannan magana. Na ajiye takardar na ce mata, "Yarinyata, wane labari kika taɓa nema da ƙafarki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ai ba wani abin kirki ba ne." Sai da na lallaɓa ta kafin ta faɗa.

Ashe tana aji biyar na sakandare famfon burtsatsen unguwarsu ya lalace. Ta yi safiya uku tana tsayawa a bakin rijiyar da mutane suka koma, tana ƙirga jarkoki, tana tambayar masu garuwa nawa suke sayarwa da, nawa yanzu. Ta je wurin mai unguwa sau biyu bai ba ta lokaci ba, a na uku ya yi magana. Ta rubuta shafi ɗaya ta manna a allon ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta. Washegari wata ɗaliba ta tare ta da fushi, saboda ta rubuta sunan mahaifin ɗalibar ba daidai ba, alhali shi ne mai garuwar da ya fi ba ta bayani. Ta cire takardar, ta gyara, ta ƙara layi a ƙasa tana amsa kuskurenta.

Na ce mata wannan ita ce takardarki, kin binne ta kin ɗora kirari a kai. Muka sake farawa. Jimlar farko ta zama safiyar da ta tsaya a bakin rijiya da littafi a hannu, da adadin jarkokin da ta ƙirga kafin ƙarfe bakwai. Haka ɗan jarida yake buɗe labari: abu mafi nauyi a sama, da wane ne, da ina ne, da yaushe ne, sauran bayani ya biyo. Ta so ta ɓoye zancen kuskuren suna don kunya, na hana ta. A ganina shi ne zuciyar takardar, domin ya nuna ta ɗanɗana abin da malaman jarida suke shafe zango suna koyarwa, cewa suna amana ne, kuma gyara a bainar jama'a wajibi ne. Sai ta bi shi da jimla biyu kan yadda tun daga ranar take karanta wa mutum sunansa harafi-harafi kafin su rabu. Wannan ya amsa tambaya ta ɗaya da rabin ta uku, ba tare da ta kira kanta mai gaskiya ko mai himma ba ko sau ɗaya.

Na san abin da yake riƙe mu. An tarbiyyantar da mu kada mu yabi kanmu, kuma wasiƙarmu ta neman alfarma takan fara da doguwar gaisuwa da kambama wanda aka rubuta wa. Tarbiyya ce mai kyau, kada ku yar da ita. Amma a gurbin da ake ƙirga har sarari, gaisuwa tana cinye wurin da hujjarku za ta zauna. Kuma faɗin abin da ka yi, yadda ya faru, ba fariya ba ne. Fariyar tana cikin jera wa kanka sifofi.

A tambayar karatu, kada ku lissafo littattafai goma. Ku ɗauki ɗaya da kuka karanta da gaske, ku faɗi dabarar da kuka gano a ciki. Idan Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ce, ku yi bayanin yadda aku yake jan Musa da labari bayan labari don ya hana shi fita, da abin da hakan ya koya muku game da riƙe mai karatu. Ku fassara sunan littafin a taƙaice, domin mai dubawar mai yiwuwa bai san shi ba. Mai neman rubutun adabi yana da damar zana wuri da sa mutane su yi magana, amma takardar gabatar da kai ba wurin ƙage ba ce. Ƙirƙirarren labari yana da nasa gurbin, idan makarantar ta nemi samfuri daban.

Akwai kuma jarabar miƙa takardar ga wani yaya mai zurfin Turanci ya gyara. Ya nuna muku inda ma'ana ta ɓace, wannan alheri ne. Amma idan ya sake ɗinka jimlolin, murya ta zama tasa, kuma ranar da aka kira ku ganawa ko aka ba ku aikin farko a aji, bambancin zai fito. Kwafa daga intanet kuwa ya fi muni, domin UCAS tana gwada kowace takarda da waɗanda aka taɓa aikawa, tana sanar da jami'a idan kamanceceniyar ta yi yawa.

Idan kun gama, ku ajiye ta kwana biyu, sannan ku karanta da ƙarfi. Inda numfashi ya ƙare kafin jimla ta ƙare, ku raba ta biyu. Ku sake duba kowane suna da kowace shekara. Daga nan ku ba wanda ya san ku, ku tambaye shi ko zai gane ku da an rufe sunanku. Idan ya yi jinkirin amsa, 'ya'yana, ku koma ku nemo taku rijiyar.