Darasi: Shayin Wanke Ciki, a Juya Kwalin Tukuna

'Yan'uwa manoma, ana sayar da ganyen shayi cikin 'yan jakunkuna a kasuwa, wai yana wanke ciki, yana rage ƙiba. Abin da ke gaban kwali talla ce. Ku juya bayansa, inda aka jera kayan haɗin. Bisa ga ƙa'ida, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa.

A ce kun ga kalmar Senna a farkon jerin, sai citta da na'ana'a a bayanta. To, Senna dangin filasko ne, kun kuwa san aikin filasko. Wanda ya sha da dare, bayan awa 8 zuwa 12 cikinsa zai zube. Nauyin da ya ragu ruwa ne da bayan gida, kitse yana nan daram.

Saboda haka kwalin kirki yakan gargaɗi mutum kada ya wuce mako ɗaya yana sha. In ya zarce, gishirin jiki da ake kira fotasiyam yakan ragu. Alamarsa kasala, ɗaurewar tsoka da faɗuwar gaba, ga mutum kuwa da noma cikin rana. Mai ciki, da yaro, da mai shan maganin zuciya ko na sa fitsari, kada su sha sai sun tambayi ma'aikacin asibiti.

Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Amma lambar ba shaida ba ce cewa shayin yana warkar da duk cututtukan da mai talla ya lissafa. Haɗin da aka ƙulla cikin leda ba jerin kaya, ku bar wa mai shi.