Kafin Ka Sa Hannu, Ka Yi Maganar Kuɗin Ƙaura

A ofishin kula da ma'aikata, abin da muke yawan gani shi ne mutum ya ja daga a kan albashi, da zarar an daidaita sai ya sa hannu cikin murna, alhali kuɗin da ya fi sauƙin samu bai ma tambaya ba. Dalilin sauƙin yana cikin lissafin kamfani. A ce ka nemi ƙarin naira 50,000 a wata. Wannan 600,000 ne kowace shekara, kuma dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, ga kuma abokan matakinka da za su ce a yi musu. Amma 600,000 a dunƙule, da sunan kuɗin ƙaura, biya ɗaya ne an wuce wurin, bai taɓa tsarin albashin kowa ba.

Buƙatar kuwa ta gaske ce. Wanda zai tashi daga Kano ya kama aiki a Abuja zai tarar da mai gida yana neman hayar shekara cur, dillali na jiran kasonsa, sau da yawa kashi 10, ga motar kaya, duk kafin albashin farko ya shigo. To ka rubuta waɗannan da adadinsu ka miƙa bayan an ba ka takardar tayin aiki, kafin ka sa hannu, domin a wannan ɗan tsakanin ne kaɗai sun riga sun zaɓe ka, kai kuwa ba ka ɗaure kanka ba. Masu cewa wannan zalama ce, za a iya janye tayin, su tuna cewa ita kanta gwamnatin tarayya ta tanadi alawus na kwana 28 na farko ga ma'aikacin da aka sauya wa gari. Abin da ke ɓata wa mai ɗaukar aiki rai shi ne a sake tayar da maganar albashin da aka rufe.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa kuɗin tarko ne, tunda yawanci akwai sharaɗin mayarwa idan ka bar aikin kafin wa'adi. Gaskiya ne, sai dai sharaɗin ma ana cinikinsa. Ka nemi bashin ya riƙa raguwa wata-wata: idan wa'adin wata 12 ne ka tafi bayan 8, ka mayar da 200,000 maimakon 600,000. Ka kuma nemi a rubuta cewa idan su suka sallame ka don rage ma'aikata, babu mayarwa, sannan a fayyace ko adadin kafin cire haraji ne ko bayansa. Duk alkawarin da ya tsaya a waya, akanta ba zai biya ba sai ya gan shi cikin takarda.