Ango da Amarya: Daga Ina Ake Fara Ƙirga Tazarar Haihuwa?

Ango da amarya, kun sha jin ana cewa a ba da tazarar shekara biyu. To amma daga ina zuwa ina? A nan mutane da yawa suke kuskuren lissafi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bari aƙalla wata 24 ya wuce daga ranar haihuwa kafin a ɗauki sabon ciki. Ba tsakanin suna da suna ake ƙirgawa ba.

Mu ɗauka amarya ta haihu a Janairun 2026. Ciki na gaba sai Janairun 2028, haihuwa kuma wajen Oktoba. Kun ga tsakanin wa da ƙani ya kusa shekara uku ke nan.

Dalili kuwa, ciki da haihuwa suna cin jinin uwa, musamman sinadarin ƙarfe, kuma jiki ba ya mayar da shi cikin arba'in. Idan wani cikin ya shiga da wuri, uwa ta fi fuskantar ƙarancin jini, jariri kuma zai iya zuwa bakwaini ko ƙarami. Wadda aka yi wa aiki lamarinta ya fi tsanani, don ɗinkin mahaifa na iya yagewa a naƙuda ta gaba idan bai yi ƙwari ba. Ga na goye, wanda sau da yawa ake yaye shi ba shiri da zarar an ga uwa ta yi kunika.

"Ai ina shayarwa." Wannan maganar ce ta fi yaudarar ma'aurata. Shayarwa tana ba da kariya, amma sai sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Ɗalibar da ke barin jariri da madarar gwangwani ta wuni a lacca ta riga ta karya na biyu. Kada kuma a jira ganin al'ada, domin ƙwai yana iya fita kafin jinin farko.

A lissafinmu na sama, kariyar nono ta ƙare a Yulin 2026, saura wata 18. Wannan giɓin ake cikewa a sashen tazarar haihuwa na asibiti. Ashanar da ake sawa a damtse tana kai shekara 3 ko 5, gwargwadon irinta, kuma ana cirewa duk ranar da aka so. Allurar wata uku tana aiki, sai dai bayan an daina, ciki kan yi jinkirin wasu watanni. Dukansu biyun suna iya rikita al'ada, jini ya riƙa ɗigowa ko ya ɗauke, wannan kuwa ba alamar rashin haihuwa ba ce. Ƙwayar sha mai sinadari biyu ba a son mai shayarwa ta fara ta kafin wata 6.

Malam ango, ranar da za a kai jariri rigakafin sati 6, ka raka ta, ku yi tambayar tare.