Ka naɗi muryar ma'aikacin banki: to, sai me?

Wani mai sayar da hatsi a Yalwawa da ke Dutse ya tare ni da wayarsa a hannu, ya ce: "Malam, ga shi nan na naɗe su, da bakinsu suka ce za su mayar min da kuɗina." Ya kunna min. Minti goma sha bakwai: rabi kiɗan jira, sauran kuma gaisuwa, da tambayoyin tabbatar da mai asusu, da kukan babura a bayan fage. Maganar da ke da amfani a ciki ba ta kai minti biyu ba. Ma'aikacin da ke da tulin ƙorafe-ƙorafe a gabansa ba zai zauna ya tsamo waɗannan minti biyun ba. Kai ne za ka tsamo masa su, ka jera su a takarda, kowanne da ranarsa da lokacinsa.

Bari mu yi aikin da misali, da ranaku da kuɗin da na ƙaga don bayani. Ka je wurin mai POS ranar Litinin, 3 ga Fabrairun 2025, za ka ciri naira 85,000. Na'ura ta fitar da rasit mai ɗauke da DECLINED, mai POS bai ba ka ko sisi ba, amma alat ya shigo an cire kuɗin. Washegari ka kira banki, ka naɗi hirar.

Kafin ka taɓa muryar, fara da rasit ɗin. Takardar POS tawadarta gogewa take yi, a zafin Dutse kuwa ba ta jimawa a aljihu, don haka ka ɗauki hotonta ran nan. Ka kwafi lokacin da ke jiki, da lambar na'urar, da lamba mai alƙaluma 12 da aka rubuta RRN a gabanta, da mai alƙaluma 6 ta STAN. Da waɗannan ake gano cinikin a tsakanin bankinka da kamfanin na'urar. Da a ce tura kuɗi ka yi zuwa wani banki, abin da za ka nema shi ne Session ID, mai alƙaluma 30. Ranar kiran da tsawonsa kuwa, daga jerin kiran da ke wayarka za ka ɗauko su, kada ka dogara da tunani, kuma kada ka dogara da ranar da ke jikin fayil ɗin murya, don takan sauya idan aka tura shi wata waya.

Sai ka saurari muryar sau biyu. Na farko ka ji ta gaba ɗaya ba tare da biro ba. Na biyu ka riƙa tsayar da ita, kana rubuta mintin da aka faɗi abu huɗu: sunan da ma'aikacin ya ba da, abin da ya ce yana gani a asusunka, alkawarin da ya yi da wa'adinsa, da lambar ƙorafi. Ga yadda jerin zai fito:

3 ga Fabrairu 2025, 4:36 na yamma: an cire naira 85,000 daga asusuna a POS, Yalwawa, Dutse. Rasit ya nuna DECLINED, ban karɓi kuɗi ba. Hoton rasit da na alat suna haɗe.

4 ga Fabrairu, 10:12 na safe: na kira layin banki, minti 17. A minti na 9 ma'aikaciyar ta tabbatar ta ga an cire kuɗin. A minti na 13 ta ce za a mayar cikin kwana uku na aiki. A minti na 15 na nemi lambar ƙorafi, ta ce za a turo ta saƙo. Ba a turo ba.

7 ga Fabrairu: wa'adin ya cika. Takardar bayanan asusu ta nuna ba a mayar ba.

10 ga Fabrairu, 11:05 na safe: kira na biyu, minti 8. A minti na 5 wani ma'aikaci ya ce bai ga ƙorafin ranar 4 ga wata ba, ya buɗe sabo, ya ba ni lamba.

Dubi layin ƙarshe da kyau, nan ne gizo ke saƙa. Kira na farko zai yiwu an rubuta shi a matsayin tambaya kawai, ba ƙorafi ba, kuma in babu lamba, banki zai fara ƙirga kwanaki daga ranar 10. Muryar da ka naɗa ita ce shaidarka cewa ka kai kuka tun ranar 4. Wannan ne babban amfaninta, fiye da alkawarin da ake ta murna da shi.

Kuskuren da na fi gani shi ne ƙara wa miya gishiri. Ma'aikaciya ta ce "za a duba, in an tabbatar bai wuce ba za a mayar", mai ƙorafi ya rubuta "ta amince laifinsu ne". Bankuna ma suna naɗar kiran, shi ya sa ake sanar da kai tun farkon layi. Ranar da aka gwada takardarka da nasu aka ga saɓani a wuri ɗaya, sauran gaskiyarka ma ta shiga zargi. Abin da aka faɗa ka rubuta shi yadda aka faɗa, da harshen da aka faɗe shi, ko da wani ne zai fassara maka sauran takardar zuwa Turanci. Inda hayaniya ta rufe magana, ka rubuta cewa ba a ji. Fushi kuma a bar shi a gida; ranaku sun fi shi zafi.

A ƙasan jerin ka sa ma'auni. A watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a warware rikicin POS da na cinikin intanet cikin awa 72, na ATM ɗin wani banki cikin awa 48. Ko daga lokacin kiranka aka ƙirga, awa 72 sun cika da safiyar Juma'a, 7 ga wata. Sai buƙata a jimla ɗaya: a mayar da naira 85,000, in kuma banki na cewa cinikin ya wuce, ya ba ka hujjarsa a rubuce. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin wani lokaci kamfanin na'urar kan amsa cewa kuɗin ya shiga wurin mai POS. In haka ne, da wannan amsar za ka koma masa ya duba nasa asusun, ba da faɗa ba. Sau da yawa shi ma daga baya kuɗin ya faɗo masa bai lura ba.

Ka buga kwafi biyu, ka kai reshen bankinka a Dutse, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Wannan hatimin shi ma layi ne a jerin: 11 ga Fabrairu. Ƙa'idar Babban Banki ita ce ka fara da bankinka, ka ba shi mako biyu a irin wannan lamari, sannan ka ɗaukaka ƙara zuwa sashensa na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, ta cpd@cbn.gov.ng ko ta reshensa da ke Dutse. A misalinmu, 25 ga Fabrairu ke nan in an ƙirga daga hatimi. Takardar da ka riga ka tsara ita za ka tura, da ƙarin layi ɗaya da lambar ƙorafin.

Ita muryar, ka rubuta cewa tana hannunka ga hukumar da ta nema, kada ka watsa ta a zaurukan WhatsApp. A mintunan farko ka faɗi lambar asusunka da ranar haihuwarka, wataƙila har da sunan mahaifiyarka, abubuwan da ɗan damfara ke nema ido rufe. Kada kuma ka yanke ta don ta gajarta. Ka ajiye ta yadda take a wayar da ta naɗe ta, da kwafi a wani wuri, domin in magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayanin na'urar da ta samar da ita da yadda aka yi.