Sha Ɗaya Ne Ko Sha Biyu?

Masu ludo a Kakuri da Barnawa sukan yi gardama kan wannan: in an jefa ƙwaya biyu, kowace mai fuska shida, ta hanya nawa shida za ta fito, ko da a guda? Waɗansu su ce 12 cikin 36, wai shida na ƙwayar fari, shida na ta biyu.

To, mu rina ɗaya ja, ɗaya baƙa, mu zana gida 36, jeri shida kwance na ja, shida tsaye na baƙa. Jerin shidan ja da na baƙa sun gamu a gida guda, watau inda duka biyu suka ba da shida. Wannan gida sau biyu aka ƙidaya shi, saboda haka amsa 11 ce.

Ga ma'auni mai sauƙi. Mu ƙidaya gidajen da babu shida sam: biyar sau biyar, 25. In mun tara da 12 sai mu sami 37, alhali gidajen 36 ne kaɗai. Rarar nan ita ce shaidar maimaici.

In kuwa jimla ta kasa, an tsallake wani gida. Leibniz, shahararren masanin lissafi na Jamus wanda ya rasu a 1716, ya ɗauka samun jimlar 11 da samun 12 duk ɗaya ne. Ina! Sha biyu gidanta guda, sha ɗaya biyu: ja biyar baƙa shida, da ja shida baƙa biyar. Wanda ya bi ƙidayarsa har ƙarshe gida 21 zai samu, 15 sun ɓace.