Mil Uku na Jiya da Mil Uku na Yau

Ku sani, ya jama'ar masu karatu, maganin yaro ba kamar na babba ba ne. Shi babba akan ce masa sha ƙwaya biyu, a wuce wurin. Amma yaro sai an ɗora shi bisa sikeli an san nauyinsa, sa'an nan a lissafa masa rabonsa gwargwadon kowane kilo, domin ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta tace abin da ya wuce kima ba. A cikin wannan lissafi akwai wani wuri da kuskure yakan ɓuya, har a asibitin da ma'aikatansa suke da himma, kuma labarin da zan ba ku a kansa yake.

A wani babban asibiti na ƙasar Hausa, cikin tsakiyar hunturu, lokacin da sanyi da ƙura suke cika ɗakin yara da masu ciwon haƙarƙari har a kwantar da biyu a gado guda, akwai wata yarinya ma'aikaciyar jinya wadda ba ta daɗe da fitowa daga makaranta ba. Ranar da abin ya faru aikin dare ne ya faɗo mata, ita da Sista babbar ɗakin, su biyu rak, ga uwaye suna ta kira ta kowace kusurwa, ga na'urar iskar numfashi ana jiran ta daga wannan gado zuwa wancan.

Cikin waɗanda za ta yi wa allura akwai wani jariri ɗan wata biyu, mai nauyin kilo 4, wanda aka kawo yana numfashi da kyar, haƙarƙarinsa na faɗawa ciki. Likita ya rubuta masa magunguna biyu kamar yadda aka saba a irin wannan hali, watau amfisilin da jentamaisin. Ƙa'idar jentamaisin ga jariri irinsa ita ce miligiram 7.5 ga kowane kilo, sau ɗaya a yini, saboda haka rabonsa miligiram 30 ne, kuma haka likita ya rubuta cikin fayil, babu kure. Illa dai wadda ta kwashe umarnin zuwa katin ba da magani, da nufin sauƙaƙa wa 'yan'uwanta, ba ta rubuta miligiram ba, sai ta rubuta mil 3. A ranar da ta rubuta gaskiya ta rubuta, domin kwalaben da ke ɗakin ƙananan ne na yara, masu miligiram 20 cikin mil 2, wato kowane mil yana ɗauke da miligiram 10. Kwana biyu ana yi wa yaron mil 3, yana samun hakkinsa daidai.

A rana ta uku ƙananan kwalaben suka ƙare, aka ba mahaifin takarda ya je kemis ya sayo, kamar yadda kowa ya san ana yi. Ya dawo da kwali cikin leda ya miƙa wa matarsa, ita kuma ta ajiye a ƙarƙashin matashi har lokacin allura ya yi.

Yarinyar nan ta karɓa, ta duba kati ta ga mil 3, ta fasa kwalba ɗaya ta zuƙe, ta ɗauki ta biyu. Tana shirin fasa wuyanta sai ta tuna da tarbiyyar da aka yi musu a makaranta, cewa a karanta jikin kwalba yayin ɗaukar ta, a sake yayin zuƙa, a kuma sake kafin a jefar da ita. Ta ɗaga ta kusa da fitila, sai ta ga sunan maganin daidai ne, girman kwalbar ma mil 2 ne kamar na jiya, amma abin da ke ciki miligiram 80 ne, irin wanda ake yi wa manya. Ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan hannunta: kowane mil miligiram 40, mil 3 ke nan miligiram 120, ninki huɗu na abin da likita ya rubuta.

To, a nan ne wahalar take, domin ba ƙaramin abu ba ne ga sabon shiga ya je ya ce wa na gaba da shi katin da kowa yake bi tun shekaranjiya ba zai biyu ba yau, balle a ƙasarmu da kunya da girmama na gaba suke da ƙarfi. Amma ta ajiye sirinjin ba ta kai shi jikin yaro ba, ta ɗauki kati da fayil da kwalba ta sami Sista tana gyara wa wata yarinya ƙarin ruwa. Ta rusuna ta ce, "Sista, don Allah ki duba mini wannan, ko ni ce ban gane ba. Kati ya ce mil 3, amma kwalbar da Malam ya sayo mai 80 ce." Sista ta karɓa ta duba, ta yi salati, ta ce, "Maza kira mini likita, kada ki taɓa yaron nan tukuna."

Da likita ya zo suka sake lissafin su uku: miligiram 30 a raba da 40, ya ba da mil 0.75, watau kashi uku cikin huɗu na mil guda. Aka zubar da na farko, aka ɗauko ƙaramin sirinji mai mil 1, domin babban sirinji ba ya iya auna wannan ɗan adadi da tabbaci, aka tura maganin a hankali ta jijiya. Aka soke mil 3 daga kati, aka rubuta miligiram 30, da ƙarfin kwalbar a gefensa.

Sista, da yake ta daɗe a bakin aiki, ba ta tsaya nan ba. Ta ce lalle ba mahaifin nan kaɗai aka aika kemis ba, sai suka bi gado-gado suna duba ledojin uwaye. Suka tarar da wani yaro da aka riga aka yi wa da rana daga babbar kwalba bisa lissafin ƙarama. Likita ya dakatar masa da maganin, ya sa a ɗebi jininsa a auna aikin ƙoda, ya umarci uwar ta riƙa faɗin duk lokacin da ya jiƙa tsummansa, ya kuma gaya wa iyayen abin da ya auku ba tare da ɓoye-ɓoye ba, wanda a ganina shi ne haƙƙin amana.

Abin da ya sa wannan magani yake bukatar irin wannan taka-tsantsan shi ne galibi cutarwarsa ba ta bayyana nan take. Yaro bai cika suma ko shiɗewa a gaban mai allura har a farga ba. Maganin yakan taru a ƙoda da cikin kunne sannu a hankali, musamman idan an maimaita ninkin kwana bayan kwana, ko kuwa yaron yana da ƙarancin ruwa a jiki. Lahanin ƙoda galibi yakan warware idan an tsayar da wuri, kuma gwajin jini yakan tona shi. Na kunne kuwa sau da yawa ba ya komawa, kuma jariri ba shi da bakin da zai ce ya daina ji, sai shekara ta zagayo a ga ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, alhali an manta da zancen allura.

Saboda haka, ya kai uba, idan an aike ka sayen allurar yaronka, ka nuna wa mai kemis takardar likita, kuma in ka dawo ka miƙa kwalin hannun ma'aikaciyar jinya, ka gaya mata idan ka ga ya bambanta da na jiya. Ke kuma mai jinya, kada ki kwashe umarnin likita da mil kaɗai. Ki rubuta miligiram, ki lissafa mil ɗin sabo daga kwalbar da ke hannunki a wannan sa'a, ki kuma kira 'yar'uwarki ta duba kafin ki kai sirinji jikin yaro.