"Ai An Naɗi Murya" Ba Hujja Ba Ce

Sau uku ke nan a 'yan watannin nan ana kawo mini takardar sulhu daga unguwar Paris-Congo, a gunduma ta 6 ta birnin N'Djamena, kuma duk wanda ya kawo sai ya ce da ni, "Malam, ba sai ka wahala ba, ai an naɗi murya." Wannan magana ta ishe ni. Waya ta ɗauki abin da aka faɗa, gaskiya ne, amma taƙaitawar da ake sa wa hannu mutum ne ya rubuta ta, kuma ita ake kai wa mai unguwa. Ba wanda zai zauna ya saurari minti 40.

Ga wadda ta zo mini ta ƙarshe. Mai gida da ɗan hayarsa, wani Bahaushe ɗan kasuwa, sun zauna kan bashin haya. An yi magana da Larabcin Chadi, ana tsoma Hausa, sakatare kuma ya taƙaita da Faransanci. Jimlar da ta jawo rigima tana cewa ɗan haya ya amince zai biya bashin wata 3, sefa 3,000 kowane wata, kafin ƙarshen wata.

Sakataren ya rantse ya duba. Da na tambaye shi yadda ya yi, sai ya ce ya karanta rubutun hirar daga farko har ƙarshe, sannan ya karanta taƙaitawar, ya ga sun yi kama. To nan ne kuskuren. Wannan karatu zai nuna maka abin da ka bari a baya, ba zai nuna maka abin da ka ƙara ba, domin ƙarin yakan zo da kamannin gaskiya. Daga taƙaitawa ake tashi a koma rubutun hira. Ka farfasa kowace jimla zuwa iƙirari ɗaya-ɗaya, ka nemo wa kowanne layinsa, ka rubuta minti da sunan mai magana a gefe. Wanda bai sami layi ba, a soke shi.

Jimlar nan iƙirari huɗu ce. Wata 3 yana nan a minti na 7, kuma ɗan hayar ne ya faɗa da bakinsa, don haka ya tsaya. Kuɗin kuwa, "dubu uku" kawai mai gida ya ce da Larabci, bai ambaci sefa ba. Duk wanda ya taɓa ciniki a N'Djamena ya san da riyal ake ƙirga kuɗi a Larabcin nan, riyal ɗaya sefa 5, kamar dalar mutanen Maradi. Dubu ukunsa sefa 15,000 ne. Kalma ɗaya da sakatare ya ƙara ta cinye wa mai gida kashi huɗu cikin biyar na kuɗinsa. Wa'adin ƙarshen wata yana cikin rubutun, amma mai gida ne ya nema a minti na 22.

Sai amincewar, wadda a kanta nake so in ja kunne sosai. Da mai gida ya kawo wa'adin, ɗan hayar ya ce, "To, Alhaji, na ji. In kayana sun ƙetaro daga Kousseri, zan ga abin da zan iya." Ina amincewa a nan? "Na ji" ladabi ne ga babba. Akwai sharaɗi, wato isowar kaya, kuma ko sun iso bai ce zai biya duka ba. Kalmomi irin su "ya amince", "ya amsa laifi", "ya yi alkawari", "saboda haka" su na fi zargi, domin hukunci ne mai rubutu yake yankewa. Duk inda ka ga ɗaya, ka nemi kalmar mutumin da kansa. Shiru da gyaɗa kai ba sa cikin rubutu, kada su shiga taƙaitawa.

Sakataren ya ce ai bayan an kashe waya, a bakin ƙofa, ɗan hayar ya yi alkawarin. Wataƙila ya yi. Amma wannan shaidar sakatare ce, sai ya rubuta ta daban da sunansa, kada ya cusa ta a takardar da aka ce daga murya aka ciro ta. Ƙungiyoyinmu na sulhu ma suna da laifi: mutum ɗaya ya naɗa, ya kwafe, ya taƙaita, ya kuma duba kansa, alhali ƙwaƙwalwarsa tana cike masa duk giɓin da ya gani. A ba wanda bai halarci zaman ba ya duba.

Rubutun hirar shi ma yana iya kuskure, musamman da aka juya shi daga harshe zuwa harshe. Saboda haka adadi, suna da rana, a koma a saurare su a muryar. Gyararriyar jimlar ta zama haka: ɗan haya ya yarda da bashin wata 3, mai gida ya ce riyal 3,000 ne a wata, wato sefa 15,000, ya nemi a biya kafin ƙarshen wata, ɗan haya ya danganta biyan da isowar kayansa. A kan wannan duka biyun suka sa hannu.